Yadda Ake Bambance Ram da Ma'ajiya Kafin Ka Sayi Wayarka ta Farko

Idan ka shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ta Kano ce ko wani shago a bakin tasha, da ka nuna waya za ka ji mai shago ya ce, "Wannan huɗu sittin da huɗu ce," ko "takwas ɗari da ashirin da takwas." Lambobi biyu ne ya faɗa maka, dukansu da giga ake auna su, shi ya sa mai sayen farko yake ɗauka abu ɗaya ne aka raba gida biyu. Ƙaramar lambar ita ce ram, babbar ita ce ma'ajiya, wadda 'yan kasuwa suke kira memori. Aikinsu daban, ciwonsu daban, kuma a kan ƙaramar lambar aka fi yi wa mutane wayo.

Ka tuna da mai shayin unguwarku. Yana da tebur, yana kuma da akwatin da yake ajiye katan ɗin madara, kiret ɗin ƙwai da buhun sukari. Duk abin da zai haɗa wa mutum sai ya ɗauko shi daga akwati ya ɗora a tebur tukuna. Idan teburin ƙarami ne, kafin ya soya ƙwai sai ya kawar da kofunan shayi, in an sake neman shayi ya sake ɗauko su, mutane na zaune suna jira. Teburin nan shi ne ram, akwatin shi ne ma'ajiya. Da dare in ya tashi yana kwashe komai daga tebur, amma kayan akwati suna nan har gobe. Haka waya take: da ka kashe ta, duk abin da ke cikin ram ya goge, hotunanka da manhajojinka kuwa suna nan, domin a ma'ajiya suke kwana. Ram ba ya ajiye maka hoto ko ɗaya. Ma'ajiya kuma, ko ta kai giga 256, ba za ta faɗaɗa tebur ba.

Mataki na 1: Karanta kwali da kanka

A jikin kwali za ka ga rubutu irin 4GB+64GB ko 64GB+4GB. Jerin ba ya canja komai, ƙaramar ita ce ram. Wasu kamfanoni suna rubuta RAM a gefen ƙaramar, su rubuta ROM a gefen babbar. To ROM ɗin nan ma'ajiya ake nufi, kada kamar sunayen ta ruɗe ka. Ram yakan zo 2, 3, 4, 6, 8 ko 12, ma'ajiya kuma 32, 64, 128 ko 256.

Mataki na 2: Nemo ram na gaskiya

A nan ya kamata ka fi nutsuwa. Wayoyi da yawa yanzu suna rubuta babbar lamba a gaban kwali, misali 8GB, da ɗan tauraro a gefenta. In ka juya kwalin ko ka duba ƙananan rubutu sai ka ga 4GB+4GB. Huɗun farko shi ne ram na gaskiya da aka haɗa a cikin wayar. Huɗu na biyu aro ne: wayar tana yankar wani yanki na ma'ajiya ta riƙa amfani da shi kamar ram. Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan dabara. Samsung na kiranta RAM Plus, Infinix na cewa MemFusion, Tecno Memory Fusion, a Redmi kuma za ka ga Memory extension.

Dabarar ba ƙarya ba ce, amma tana da iyaka. Ma'ajiya ba ta kusa da saurin ram, musamman a wayoyi masu araha. Kamar mai shayi ne ya jawo akwatinsa kusa da ƙafarsa: ya rage tafiya, amma har yanzu sai ya sunkuya. Tana iya taimaka wa wasu manhajoji su jira a baya ba tare da an rufe su ba, amma ba za ta sa wasa mai nauyi ya yi gudu ba. Ƙari a kan haka, gigan da aka ara ɗin daga wurin ajiyarka aka cire su. Don haka waya mai 4+4 mai ram huɗu ce, kuma kuɗin mai huɗu ya kamata ka biya. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Malam, ban da na ƙari, asalin ram ɗin nawa ne?" Mai gaskiya zai faɗa maka nan take.

Mataki na 3: Kunna wayar ka tabbatar

Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. Shiga Settings, ka nemi About phone, a wasu wayoyin My phone ne. A yawancinsu nan za ka ga ram da ma'ajiya a rubuce, in akwai na aro za ka gan shi bayan alamar ƙari. A Samsung sai ka shiga Device care sannan Memory. Daga nan koma baya ka buɗe Storage ka ga nawa ne ya rage babu komai.

Kada ka tsorata in ka ga sabuwar waya mai 64 tana nuna cewa an riga an cinye giga goma sha wani abu. Tsarin Android da manhajojin da kamfani ya zuba su ne suka zauna a wurin. Haka ma ram, mai huɗu kan nuna 3.7 ko kusa da haka, wannan ba matsala ba ce. Abin da zai sa ka ajiye waya ka fita shi ne kwali ya ce wani abu, cikin waya ya ce wani. In ta hannu ce za ka saya, ka ɗauki lambar samfurin da ke About phone ka bincika a shafin kamfanin, domin akwai jabun wayoyi da ake shirya su su nuna lambar da ba su da ita.

Mataki na 4: Auna da irin aikinka

Bari in ba ka misali da wata ƙanwata mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, wadda na raka ta sayen waya. Kuɗinta ya isa ta zaɓi ɗaya cikin waya biyu. Ta farko an rubuta 8GB+128GB, da muka juya kwali muka ga 4+4 ce. Ta biyu 6GB+64GB, shidan kuma na gaskiya ne. Mai shago yana ta cewa, "Hajiya, takwas ai ta fi shida," ni kuwa na ce masa a ajiye maganar takwas, huɗu da shida ake gwadawa.

Sai muka zauna muka yi lissafi a bayan rasit. Mai 64 za ta bar mata kusan giga 50. Manhajojin banki, WhatsApp, Facebook, TikTok da abin da suke tarawa a hankali, mu ce giga 10, saura 40. Hoton kyamara ɗaya yakan ci mega 3 ko 4, bidiyo mai kyau na minti ɗaya kuma ya haura mega 100. Tana ɗaukar hoton kaya kamar talatin a rana, da gajerun bidiyo da jimillarsu ta kai minti biyu. Wato kusan mega 300 kullum, giga 9 a wata. Ba a ma saka bidiyon biki da wa'azi da ake turowa a guruf ɗin 'yan uwa ba. Cikin wata huɗu ko biyar wayar ta cika. Mai 128 kuwa, ko an cire na tsarin waya da na manhajoji da huɗun aro, za ta bar mata wajen giga 95 zuwa 100, kusan wata goma sha ɗaya kafin ta fara tunanin gogewa. Aikinta bai wuce WhatsApp, kyamara da banki ba, ram huɗu zai ɗauke shi. Ta ɗauki mai 128, amma da sanin cewa mai ram huɗu ta saya, kuma da wannan hujjar muka nemi ragi.

Da a ce yaronta ne mai buga wasannin harbi a waya, ko mai yanka bidiyo yana tsalle tsakanin manhajoji biyar, da mai shida zan zaɓa masa, ya riƙa kwashe kayansa zuwa katin memori.

A ganina yau ram huɗu na gaskiya da ma'ajiya 64 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata mutum ya saya, in da hali 128. Mai ram biyu yawanci da Android Go take zuwa, wato tsarin da aka rage wa nauyi don ƙananan wayoyi. Ta isa kira da WhatsApp da sauraron karatu, amma za ta gwada haƙurinka.

Mataki na 5: Tambayi ko tana da gurbin kati

Ma'ajiya tana da mafita, ram ba shi da ita. In wayar na karɓar katin memori, za ka iya kwashe hotuna, bidiyo da waƙoƙi zuwa can. Sai dai yawancin manhajoji a ma'ajiyar ciki suke zama, WhatsApp ma can yake zuba abin da aka turo maka, sai ka kwashe da hannunka. A wasu wayoyin gurbin kati shi ne gurbin layi na biyu, ko dai ka sa kati ko ka sa layi, don haka ka ce a zaro maka tiren ka gani. Ram kuwa manne yake a jikin injin wayar, yadda ka saye shi haka zai zauna. Duk manhajar da ta ce za ta ƙara maka ram, talla kawai za ta cika maka waya da shi.

Bayan ka saya: gane wanne ne ya gaza

Ciwon ram yana da alama. Kana cikin tura kuɗi a manhajar banki, ka fita ka duba lambar da aka turo maka ta saƙo, ka dawo ka tarar manhajar ta fara daga farko tana neman ka sake shiga. Tebur ne ya cika, wayar ta kawar da banki don ta buɗe saƙo. Goge hotuna ba zai magance wannan ba. Abin da ke taimakawa shi ne cire manhajojin da ke aiki a ɓoye ba ka buƙatarsu, da komawa ƙananan nau'i irin su Facebook Lite.

Ciwon ma'ajiya kuwa da kansa yake faɗin sunansa. Za ka ga Storage space running out a saman fuskar waya, kyamara ta ƙi ɗauka, bidiyon da aka turo ya ƙi sauka, Play Store ya ce ka goge wani abu tukuna. Ma'ajiya da ta cika maƙil ita ma tana sa waya nauyi, shi ya sa wasu suke ɗora wa ram laifin da ba nasa ba. Kafin ka kai ta wurin mai gyara, buɗe WhatsApp, shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage, ka fara goge fayilolin da suka wuce mega 5. A shafin Storage and data ɗin ka kashe saukar bidiyo kai tsaye, ka kuma riƙa barin aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ma'ajiyar babu komai.