Karawar gambara ta nan-take: kurakuran da ke kashe zambo, da gyaransu

A watan Disambar 1981, a wani gidan rawa mai suna Harlem World da ke birnin New York, mawaƙin gambara Busy Bee ya hau dandamali ya yi abin da ya saba: kirarin kai, da tayar da 'yan kallo su yi ta amshi. Da wani mawaƙin, Kool Moe Dee, ya karɓi makirfo sai ya bar 'yan kallo ya juya kan mutumin, ya kama sunansa, ya tsige salon waƙarsa ɗaya bayan ɗaya. Masu bin tarihin gambara suna yawan kafa wannan dare a matsayin inda karawa ta sauya fuska. Abin mamaki, kuskuren da aka ci Busy Bee da shi har yau shi ne ya fi yawa a wurin samarinmu masu tasowa, ko a dandalin makaranta ne ko a ƙofar situdiyo.

Kuskuren shi ne mutum ya shiga karawa da baitocin da za su dace da kowa. "Ni ne sarki, kai ƙaramin yaro ne, ba ka kai ba." Wa ake nufi? Kowa. Idan za ka iya ɗaukar baitinka ka jefi wani abokin karawa da shi gobe ba tare da ka sauya kalma ɗaya ba, to, kirari ka yi. Makaɗan fada sun san wannan tun da daɗewa: in za su yi wa abokin hamayyar ubangidansu zambo, sukan siffanta shi ne yadda duk wanda ke wurin zai gane shi ko ba a faɗi suna ba. Gyaran yana farawa tun kafin a miƙo maka makirfo. Lokacin da abokin karawarka yake nasa zagayen, daina tisa baitocinka a zuci, ka saurare shi, ka kuma dube shi. Kana neman abu biyu kacal: wata cika-baki da ya yi, da wani abu da jama'a suka gani da idonsu wanda ya ƙaryata ta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. Abokin karawa ya ce shi zaki ne, in ya yi ruri kowa sai ya watse. Ana tsakiyar haka baiti ya ɓace masa, ya ɗan saci kallon wayarsa, alhali an ce nan-take ake yi. Kowa ya gani. Ga yadda sabon shiga yakan mayar da martani:

Rurin haya kake yi, kai ba zaki ba ne,
Don na gan ka kana duba waya, ƙarya ce ka zo da ita ne.

Ya gano abin da ya dace, amma ya zubar da shi. Ya saka naushin, wato maganar da ke ɗauke da dukan, a kalmomi biyun farko, sannan ya tsaya yana bayani. Jama'a ba su san me "rurin haya" ke nufi ba lokacin da suka ji shi, kuma da suka gane, layin ya riga ya wuce, babu wurin shewa. Ga abu ɗaya, an sake masa tsari:

Ya ce shi zaki ne, mu ja da baya,
Da ya yi ruri har mun kwashe kaya,
Sai baiti ya ɓace, ya leƙa waya,
Ashe zakinmu, rurin ma na haya.

Layi biyu na farko sun yarda da shi, har sun ƙara masa girma. Na uku ya tuna wa mutane abin da suka gani. Na huɗu ya haɗa su, kuma kalmar da ke ɗauke da dukan ita ce ta ƙarshe, babu abin da ya biyo bayanta. In kana son ka gwada layinka, rufe kalmar ƙarshe da hannu. Idan abin dariyar yana nan ba tare da ita ba, naushin ya fito da wuri, sai ka juya jimlar. Bayan ka saki naushin kuma ka yi shiru na bugu biyu ko ma layi guda. Da yawa sukan take shewar da suka sha wahalar samu, su ci gaba da zuba cikin hayaniya, layi biyu masu kyau su tafi ba wanda ya ji.

Dubi ƙarshen layukan farkon can: "ne" da "ne". Wannan ita ce cutar amsa-amo a gambarar Hausa. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, don haka dacewar wasalin ƙarshe kaɗai ba gwaninta ba ce, a hira ma tana faruwa. Haka jera "zuwa, kamawa, bugawa, tsayawa", ko rufe kowane layi da "ba" ko "ne". Kunne yana gajiya da su tun a layi na uku. Ka nemi aƙalla gaɓa biyu su dace, kuma ka kula da tsawon wasali. Baya da kaya ana jan gaɓarsu ta farko, waya da haya ba a ja. Shi ya sa na haɗa su biyu-biyu a haka. Da an haɗa baya da haya zai wuce, amma ba zai zauna daram ba, kuma layin naushi shi ne inda ake son amsa-amo mafi tsabta.

A nan-take ba a laluben amsa-amo a ƙarshen layi. Daga ƙarshe ake farawa. Da ka ga ya leƙa waya, kalmar da za ta fara zuwa maka ita ce waya, sai ka kira danginta: haya, baya, kaya, taya. Ka zaɓi wadda ta fi ciwo ka ajiye ta a layi na huɗu, sauran ka yi hanya da su. Wanda bai yi haka ba shi ne za ka ji ya fara jimla da ƙarfi, ya iso ƙarshe ya rasa mafita, ya cusa kalmar da ba ta da alaƙa da komai don kawai ta yi amo.

Sai hawa kiɗa. Yawancin kiɗan da ake karawa a kai yana tafiya wajen bugu 90 a minti, kowane layi bugu huɗu, wato ƙasa kaɗan da daƙiƙa uku. Layi 16 kenan wajen daƙiƙa 43. Tafin kiɗan, wannan bugun mai kaifi, yana sauka a bugu na biyu da na huɗu. Layukan zakin can gaɓa 11 ne kowannensu, kuma a layi na uku bugun yana sauka a kan bai, ɓa, le, wa. Akwai sararin numfashi. Matsalar tana zuwa ne in mutum ya kwaikwayi gudun masu rerawa da Turanci ya cusa gaɓa 18 ko 20 a layi guda. Kalmominsu da yawa gaɓa ɗaya ce, namu biyu ne ko uku, kuma gaɓarmu mai nauyi tana bukatar wurinta. Sai ka ji ana haɗiye rabin kalma, ko a ja abin da ba a ja. Wanda ya ja gaɓar farko a "sarkin gari" don ya cike kiɗa ya naɗa kansa sarautar abin tuƙa tuwo, kuma abokin karawa mai kunne ba zai bar masa ita ba. Gyaran mai sauƙi ne amma yana son haƙuri: ɗauki kanka a waya, ka ba wanda bai san baitin ba ya saurara sau ɗaya ya maimaita maka. Duk inda ya kasa, rage gaɓa a wurin. Kuma kada ka dunƙule kan makirfo da tafin hannu, yana toshe murya, ɓ da ɗ da ƙ duk su narke.

Yanzu ga inda ake ɓata rawa da tsalle. In dabara ta ƙare, abu mafi kusa da baki shi ne ashar: uwa, uba, ƙanwa. Daga nan sai halitta, in'ina, gurgunta, launin fata, sai ƙabila da addini, sai rasuwar da aka yi wa mutum ko halin da gidansu ke ciki. Wasu suna ɗauka wannan ne zafi. A ganina alama ce ta cewa mutum bai saurari abokin karawarsa ba, domin zagin uwa ba ya bukatar kallo ko tunani, yaro ɗan shekara bakwai ma ya iya. Kuma wurin da kansa yana gaya maka. Naushi mai kyau yana tayar da shewa har daga ɓangaren abokin karawa, wani lokaci shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Zagi kuwa sai ka ji "haba!" daga baya, ko wurin ya yi tsit, mutane su koma kallon wanda aka zaga don su ga ko zai yi duka. Daga lokacin tausayi ya koma wurinsa, kai kuma ka faɗi zagayen ko da amsa-amonka ya fi nasa.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: ka daki abin da mutum ya zaɓa ko ya faɗa da bakinsa, ka bar abin da bai da hannu a ciki. Cika-bakinsa, satar salon wani, baitin da ya maimaita daga karawar makon jiya, sarƙar wuyan da ya ce ta gwal ce, duk halal ne. Zakin can ba a taɓa iyayensa ba, ba a ce masa matsiyaci ba, da kalmarsa aka ɗaure shi. Wasu za su ce ai muna da wasan barkwanci, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Gaskiya ne, kuma yana iya shiga karawa ya yi daɗi, amma tsakanin masu wasan kaɗai, kuma kada a manta bidiyon zai kai ga waɗanda ba su san da wasan ba.

To in kai aka jefa fa? Kuskuren a nan shi ne musu ko fushi. An ce maka ɗan ƙauye, ka ɓata layi huɗu kana rantsuwa a birni aka haife ka, ka tabbatar wa kowa abin ya shige ka. Karɓe shi da layi ɗaya, ka juya shi da na biyu:

Ƙwarai, ɗan ƙauye ne ni, a gona na taso,
Hatsin da ya ba ka murya, a rumbunmu ka kwaso.

Irin wannan martani a farkon zagaye ake sa shi, tun maganar tana da zafi a kunnen mutane, kuma ɗaya ko biyu sun isa. In ka tsaya amsa duk abin da ya faɗa, zagayenka ya zama nasa. Idan kuma ka san akwai abin da lalle za a jefe ka da shi, gajarta ce ko karawar da ka sha kaye a baya, riga shi faɗa a zagayen farko, ya zo ya tarar an riga an yi dariyar.

Baiti zai ɓace maka wata rana, kowa yana ɓace masa. Kada ka tsaya, kada ka ce a mayar da kiɗa, kada ka koma farkon zagaye. Ci gaba da hawa kiɗan da abin da ke gabanka, hular alƙali, wanda ke ɗauka da waya a sahun gaba, har kalmar amsa-amo ta zo. Ana horar da wannan a gida: aboki ya riƙa jefo maka sunan abu duk bayan layi huɗu, buta, makulli, caja, kai kuma dole abin ya shiga waƙar kafin ya jefo na gaba, na tsawon minti biyar ba tare da an kashe kiɗa ba.