Wasan saurare da tatsuniyar ɗan kunkuru

Iyaye mata a nan Mai Wurno sun yi ta tambayata yadda nake wannan wasa da yara. Ga matakan.

1. Ki zaunar da su a tabarma bayan Magariba.

2. Ki ɓoye cokali da kofin shayi, ƙwarya mai gero, da buta a bayanki.

3. Ki buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku."

4. Ki ba su labarin: wani ɗan kunkuru ne mai surutu, kullum yana katse uwarsa. Ran nan ya ɓata a bakin Nilu. Da tsoro ya kama shi sai ya shige ƙoƙonsa ya yi shiru. Can ya ji kwaɗi, ya ji ruwa, sannan ya ji kiran uwarsa, ya bi muryar har gida.

5. Ki ce kowa ya zama kunkuru, ya rufe ido ya sunkuya.

6. Ki kaɗa abu ɗaya.

Hattara: a nan ake ɓata wasan. Manyan yara kan yi caraf su amsa. Sai kin ƙirga biyar a zuci kafin kowa ya ɗago.

7. Ki fara tambayar ƙaraminsu ƙarar me ya ji.

8. Idan sun gane, ki haɗa ƙara biyu, su faɗi wadda ta riga.