Darasi na Bakwai: Sana'ar Wanda Ba Ya Son Talla da Cinkoso

Akwai mutumin da hayaniyar kasuwa ke gajiyar da shi. Ba ya iya kiran mai saye, kuma idan aka matsa masa da tayi sai ya sallama da faɗuwa don a rabu. Wannan ba lalaci ba ne, halinsa ne. Idan ya kafa tebur a bakin tasha, jarinsa zai karye.

Kafin ka zaɓi sana'a, tambayi kanka: sau nawa zan yi ciniki da mutane? Mai shayi yana yi tun daga asuba har dare. Mai turkar rago kuwa sau biyu ne, ranar saye da ranar sayarwa. Sauran aikin duk a cikin gida yake, tsakaninsa da dabbarsa.

Ga yadda ake turka. Sayi rago mai babban ƙashi wanda ya rame, amma lafiyayye, kamar wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah. Ya kasance ya cika shekara. Kada ka ɗauki gurgu ko mai ido ɗaya, domin ba ya halatta a layya. Ranar sayen ka tafi da ɗan'uwa wanda ya san dabba kuma ya iya ciniki. Da ka kawo shi gida, nemi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki. In ba haka ba, abincin da kake saye tsutsa za ta ci.

Ɗaure shi a inuwa, a wuri busasshe. Ba shi harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri ko kanwa. Dusa da kaɗan-kaɗan ake farawa, don in ta yi yawa farat ɗaya cikinsa zai kumbura. Ragon da ya ƙi ci, ko ya daina tuƙa, ko yake zawo, a nemo masa magani a ranar. Harawa kuma da kaka ake sayenta a ajiye, lokacin da take da araha.

Wajen sayarwa dillali ne zai yi maka magana, ka biya shi la'ada. Amma ka rubuta kuɗin saye, da na abinci, da na magani, ka tara su. A misali, idan jimillar ta kama naira 150,000, ka faɗa wa dillali farashin da ya haura haka, wanda ba za ka sauka ƙasa da shi ba, a gaban shaida.

Turka tana ɗaure kuɗi na watanni. Wanda yake neman na cefanen yau da gobe sai ya haɗa ta da wani aikin.

Aikin gida: rubuta sana'o'i uku da ake yi a unguwarku. A gaban kowace, rubuta wanda yake yin cinikin.