Kafin ka dogara da manhajar da ta ce ta kalli bidiyonka

Salama alaikum 'yan uwa. Kwanan baya wani ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou nan Damagaram ya ba wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, mahaɗin bidiyon gyaran famfon rijiya, ta kawo masa taƙaitawa tsaf. Sai ya tambayi wace ƙusa mai gyaran ya fara kwancewa, amsar ta fito ba daidai ba. Dalili kuwa, mai gyaran bai faɗa da baki ba, da hannu ya nuna.

Yawancin waɗannan manhajoji ba kallo suke yi irin namu ba. Wasu rubutun maganar da ke cikin bidiyon kaɗai suke karantawa. Waɗanda suka fi su kuma tsintar hotuna suke yi, misali Gemini na kamfanin Google a ƙa'idarsa hoto ɗaya yake ɗauka kowace daƙiƙa, ya haɗa da sauti. Bidiyo kuwa yakan ƙunshi hotuna 25 ko 30 a daƙiƙa. Abin da ya gifta cikin ƙiftawar ido yana iya faɗawa tsakanin hoto da hoto, ya ɓace.

Gwajin ba wuya. Ka ɗauki bidiyon daƙiƙa 20 ba magana, ka ɗaga yatsu uku da sauri ka sauke, ka loda shi, ka tambayi yatsu nawa. In kuwa bidiyon Hausa ne, a ƙara hattara, don rubutun maganar kansa yakan fito a gurguje, balle Hausarmu mai gauraye da Faransanci.