Akwati ya ɓata a jirgi: kurakuran da ake yi wajen mai da koken Hausa wasiƙar Turanci

Yawanci ba mai kayan ne ke rubuta wasiƙar ba. Hajiya ce za ta zauna ta faɗi abin da ya faru, ɗanta ko wani mai shagon kwamfuta a Birnin Kebbi ya rubuta a takarda da Hausa, daga baya a zuba shi cikin Turanci. A wajen zubawar nan ake samun matsala, domin wanda zai karanta a ofishin kamfanin jirgi bai san Hajiya ba, bai san Jega ba, abin da yake nema kawai lambobin da zai buga a kwamfuta su fito da jakar.

A ɗauki misali. Wata Hajiya daga Jega ta je Umra, ta taso daga Jidda ta sauka Abuja ranar 4 ga Maris, 2025, washegari ta hau wani jirgin zuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Cikin akwatuna biyu ɗaya ne ya fito a Abuja. Abin da aka rubuta daga bakinta shi ne: "A gaishe su. Ranar Talata da muka dawo kun ɓatar min da kaya. Akwai abayoyi da jallabiyoyi da turare, kaya masu yawa. Don Allah a taimaka."

Kuskuren farko ya kan faru tun kafin a ɗauki biro: barin filin jirgi ba a cike takardar rahoto ba. Sunanta PIR, ana cike ta a teburin kula da kaya kafin a fita, a ba mutum lamba wadda galibi haruffa biyar ce da alƙaluma biyar. Wasiƙar da ba ta da wannan lambar, da lambar ɗan sitikan da aka manna a bayan katin shiga jirgi, za a amsa ta ne da tambaya, mako guda ya tafi a banza. Idan har an fito ba a cike ba, kada a ɓoye. A faɗi haka a wasiƙar, a haɗa hoton sitikan da katin shiga jirgi. Sai kuma a lura da wanda ake rubuta wa. Jakar Hajiya ba ta iso Abuja ba, kuma tikitin Birnin Kebbi daban ta saya, don haka kamfanin da ya ɗauko ta daga Jidda ne ke da alhaki. Mutane da yawa kan tsare ma'aikatan Ambursa saboda su ne na kusa, alhali jakar ba ta taɓa shiga hannunsu ba.

Sai maganar ladabi, inda aka fi tuntuɓe. Ladabin Bahaushe gaisuwa ce da roƙo, kuma idan aka kwashe su yadda suke aka kai Turanci, wasiƙar kan koma ta neman alfarma, wani lokacin ma ta koma kamar faɗa. "Don Allah a taimaka" kan fito da kamannin bara, alhali haƙƙi ake nema. "Ku" ɗin girmamawa kuwa wasu kan mai da shi you people, wanda a kunnen mai jin Turanci raini ne tsagwaronsa. "Ina so ku nemo" idan ya zama I want you to, umarni ne na ubangida ga yaronsa. A Turancin ofis, layi ɗaya na gaisuwa ya isa, ladabin yana cikin siffar buƙatar ne, kamar I would be grateful if you could. Haka nan "kun ɓatar min" zargi ne. A faɗi abin da aka gani da ido: an auna jakar a Jidda, ba ta fito a Abuja ba. Kalmar sata kada ta shiga ko kaɗan sai in da hujja a hannu.

"Kaya" ma tarko ne. Ana yawan rubuta load, wanda ke sa a zaci kayan dakon jirgi ake nufi, sashensu kuma daban ne. A ce suitcase in akwati ne, bag in jaka ce, a faɗi launi, girma, mai tauri ne ko na yadi, da alamar da aka ɗaura. "Ranar Talata" kuwa ba kwanan wata ba ce. Ko 04/03/2025 na iya rikita, wani zai karanta shi 3 ga Afrilu, don haka a rubuta sunan watan. Sunan fasinja kuma ya zo daidai da na fasfo, babu Hajiya, babu laƙabin gida.

Ga yadda zuciyar wasiƙar za ta kasance idan aka rubuta ta ranar 27 ga Maris (lambobin na misali ne):

```
Subject: Missing suitcase, PIR ABVXX12345
I flew from Jeddah to Abuja on 4 March 2025.
One black hard-shell suitcase, tag 0123456789, did not arrive.
It has now been missing for 23 days.
I would be grateful if you could treat it as lost
and settle the attached claim within 14 days.
```

Kwana 23 ɗin nan ba ado ba ne. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi jiragen sama masu tafiya tsakanin ƙasashe, jakar da ta wuce kwana 21 ba ta iso ba, fasinja na da damar neman diyyarta a matsayin ɓatacciya. Wanda ya rubuta a kwana na biyar, nema zai roƙa a ci gaba da yi, ya kuma ajiye rasit ɗin abin da ya saya na dole kafin jakar ta zo. In kuma ta iso a fashe, kwana 7 kacal ake da shi na rubuta koke, in a makare ta iso, kwana 21 daga ranar karɓa. Kiran waya da zirga-zirga zuwa ofis ba sa tsayar da wannan lissafi, rubutu ake so.

"Kaya masu yawa" ba a biyan diyya a kansa. A zauna da Hajiya a lissafa: abaya 4 a kan riyal 150 kowace, 600 ke nan, jallabiya 3 a kan riyal 80, 240, turare na riyal 200, jimilla riyal 1,040, sai kuɗin akwatin kansa da naira. A bar kowane kuɗi a yadda aka kashe shi, a haɗa hoton rasit in akwai. Ƙara gishiri ba ya amfani, domin akwai iyaka: tun 28 ga Disamba, 2024, mafi yawan abin da yarjejeniyar ta ɗora wa kamfani shi ne 1,519 na SDR, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ga kowane fasinja, wajen dala dubu biyu, kuma sai an nuna asarar kafin a biya. Akwatin da aka auna kilo 23 aka ce da kayan kilo 60 a ciki, tikitin da kansa zai ƙaryata.

A tura ta imel ɗin sashen kaya na kamfanin, takardun asali su zauna a gida, hotonsu kawai za a aika. A sa lambar wayar da ake ɗauka da adireshin da direba zai gane a Jega. In kwana 14 sun cika shiru, a sake turawa a kan imel ɗin farko, wannan karon tare da kwafi ga sashen kare haƙƙin fasinjoji na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.