Yadda aminin ango zai yi jawabi a wurin dina ba tare da ya kunyata kowa ba

A bukukuwan Katsina na yanzu, bayan an ɗaura aure da hantsi an ci walima, akan taru da yamma a wurin dina, kuma a cikin jerin abubuwan da mai gabatarwa yake riƙe da su akwai jawabin babban abokin ango. Wahalar wannan jawabi ita ce, masu sauraro iri biyu ne a ɗaki ɗaya: ga abokai da suke jiran a tono tsohon zance su yi shewa, ga kuma iyaye mata da yayyen amarya da wasu surukai waɗanda yau ne suka fara jin labarin angon daga bakin wanda ya san shi ciki da bai. Garin da ake yi wa kirari da ɗakin kara ba ya yafe wa mai barkwancin da ya zubar da mutuncin wani, saboda haka aikin duka ya rataya ne a kan zaɓen labari guda da ya dace.

Mataki na farko shi ne ka san waɗanda za su zauna a gabanka. Kwana uku ko huɗu kafin biki ka tambayi ango ko iyayensa za su halarta, da wanda zai wakilci gidan amarya, da kuma yadda ake kiran kowannensu, domin ba a kama sunan babba gatsau a bainar jama'a, sai dai a ce Baba, ko Hajiya, ko a ambaci sarautarsa idan yana da ita. Idan ango ɗan fari ne, kada ka shirya juyawa wajen mahaifiyarsa kana neman ta tabbatar da maganarka, domin a gidaje da dama har yanzu uwa tana yi wa ɗan farinta alkunya. Idan kuma ƙarin aure ne, ka tanadi gaisuwa ta girmamawa ga uwargida, ka tsaya a nan.

Mataki na biyu, wanda ya fi cin lokaci, shi ne zaɓen labari. Ka rubuta abubuwa biyar ko shida da kuka yi tare, sannan ka auna kowanne da tambaya ɗaya: zan iya faɗin wannan ina durƙushe a zauren mahaifin amarya? Wannan ma'auni shi kaɗai zai zubar da zancen 'yan matan da ango ya nema a baya, da bashin da aka ci aka haɗa lefe, da faɗuwa jarrabawa, da laƙabin da kuke tsokanarsa da shi a majalisa, da duk wata magana mai harshen damo a kan daren farko. Haka kuma barkwancin nan da ya zama ruwan dare, na cewa saura uku, ba shi da wuri a nan. Maza za su yi dariya, amma amarya da danginta za su riƙe shi shekara da shekaru. Cikin abin da ya rage, ka ɗauki wanda abin dariyar ya faɗo a kanka kai mai magana, shi kuwa ango ya fito da halin kirki. Dalili shi ne kai kaɗai ne a ɗakin ka amince a yi maka dariya, ango kuwa yana zaune ba shi da bakin ramawa.

Ga misalin yadda ake gina shi. A ce kun taɓa tasowa daga Katsina za ku ɗaurin aure Daura, mota ta mutu muku a wajen Mashi, kuma laifinka ne domin kai ka ce man zai kai. Idan ka ba da shi a matsayin ranar da ango ya yi zufa yana turin mota, ka mai da shi abin dariya. Amma kana iya cewa: "Ni ne na rantse masa man zai kai mu Daura, man kuwa ya kai mu Mashi ya ce nan ya sauka. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini, ya tura motar har gidan mai, ni ina zaune ina riƙe da sitiyari kamar wani mai gida. Har yau bai taɓa yi mini gorin wannan rana ba. Amarya, wanda ya yi haƙuri da ni, ina tabbatar miki zai iya haƙuri da kowa." An yi dariya, dariyar a kanka take, kuma dangin amarya sun ji abin da suka zo ji, wato 'yarsu ta shiga hannun mai haƙuri.

Akwai wata ƙofa ta raha da al'ada ta riga ta buɗe, wato wasan da ke tsakanin al'ummomi, irin na Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari. Idan auren ya haɗa abokan wasa, jimla ɗaya ta tsokana tana sa manya murmushi, da sharaɗin ka jefa ta ga jama'ar baki ɗaya, ba ga amarya ko mahaifanta ba.

Mataki na uku shi ne tsari, kuma minti uku sun isa. Ka fara da sallama da gaida iyaye na ɓangarorin biyu, ka sa na amarya a gaba domin su ne suka yi kyauta. Ka faɗi ko kai wane ne da inda kuka haɗu da ango a jimla biyu. Ka kawo labarin. Ka yi wa amarya maraba. A nan ka yabi tarbiyyarta da gidan da ta fito, ka bar zancen kyau da sura, domin ba huruminka ba ne. Tun da ba al'adarmu ba ce a ɗaga kofi a kurɓa don taya murna, abin da yake rufe jawabin shi ne addu'a, kuma mafi dacewa ita ce wadda aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair." Ka bi ta da roƙon zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, jama'a su amsa da amin.

Kafin ranar, ka karanta wa ango labarin ya amince, ko da kana son ka ba shi mamaki, domin akwai abin da kai kake gani ƙarami alhali bai taɓa faɗa wa amaryarsa ba. Ka kuma gwada shi a gaban yayarka ko wata gwaggo. Idan ta ɗaure fuska a wani wuri, to wurin ne za ka cire. A wurin taron ka roƙi mai gabatarwa ya sa a tsayar da kiɗa, a kuma dakata da liƙi har ka gama, in ba haka ba maganarka za ta nutse a cikin hayaniya.

Yayin da kake magana, teburin iyaye za ka riƙa duba, ba na abokai ba. Idan abokai kaɗai suke dariya, ango ya sunkuyar da kai, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, to ka taka inda bai kamata ba. Kada ka tsaya bayani ko neman afuwa a lasifika, domin hakan yana ƙara jawo hankali ga abin. Ka tsallake sauran labarin ka shiga addu'a, ka miƙa wa mai gabatarwa lasifika, sannan bayan an tashi ka je ka durƙusa ka ba iyaye haƙuri a keɓe.