Yadda ake gano abin da ya ƙafar da rijiya kafin a ƙara mata zurfi

Kuskuren da na fi gani wajen masu rijiya shi ne, da guga ya fara fitowa da laka sai a kira mahaƙa a ce a ƙara gaba biyu. Ba a auna komai ba, ba a san me ya faru a ƙasa ba. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma a yi asarar kuɗi da ɗan ruwan da ake da shi gaba ɗaya. Ni ma na taɓa yin haka, shi ya sa nake nacewa a kan awo.

Da farko ka cire wa kanka tunanin cewa akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda rijiya ke hudawa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan sama ne ke tsuma ta cikin ƙasa, yana sauka sannu a hankali har ya tarar da shimfiɗar da ba ta barinsa ya wuce, kamar yumɓu ko dutsen da ba shi da tsaga. Daga nan sai ya taru a samanta, ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko tsagogin dutse. Ka cika kwalba mai cin lita ɗaya da busasshen yashi, ka zuba ruwa a hankali. Za ta shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na lita kafin ruwan ya bayyana a sama. Ka huda gindinta, za ka ga ba duka ne zai fito ba, wani ya maƙale a jikin yashin. Yumɓu ya fi yashi riƙe ruwa, amma ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya saki. Don haka jiƙaƙƙen yumɓu a gindin rijiya ba albishir ba ne.

Wannan bambanci shi ke bayyana abin da ke ɗaure wa mutane kai. A yashin da ke sakin kashi 20 cikin ɗari na girmansa, idan ruwa mai kaurin santimita 5 ya isa ƙasa, matakin ruwan zai tashi da santimita 25 kacal. A dutse mai tsaga da ke ɗaukar kashi 1 cikin ɗari, wannan ruwan dai zai ɗaga matakin da mita 5. Rijiyar dutse takan cika fal da damina har mai ita ya yi ta murna, amma yadda ta hau da sauri haka take sauka da sauri, domin ajiyar kaɗan ce.

Yanzu awon. Ka sami igiyar da ba ta miƙewa, ka ɗaura mata ɗan ƙarfe, ka yi alama guda a bakin rijiyar wadda daga ita za ka riƙa aunawa kullum. Kada ka canja wurin alamar, kada ka canja igiya. Ka auna da sassafe kafin kowa ya jefa guga, domin a lokacin ne ruwan ya kwana ya daidaita da na cikin ƙasa. Awon rana bayan an sha ɗiba ba ya gaya maka komai, kuma nan ne yawancin masu farawa ke ruɗe kansu. Ka rubuta nisa daga alama zuwa fuskar ruwa, sannan daga alama zuwa gindi. Sai ka ɗebe ruwa har ya sauka da mita ɗaya, ka tsaya, ka riƙa aunawa duk bayan minti 15 har awa guda, ka sake aunawa washegari da safe.

Mu ɗauki rijiya mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita 12, ruwan safe yana mita 10 daga alama. Kowace mita ta irin wannan rijiya tana ɗaukar lita 785, ke nan mita biyun da ke ciki lita 1,570 ne. An ɗebe ya koma mita 11. Bayan awa guda ya dawo mita 10.70, wato ya hau da santimita 30, kimanin lita 235. Abin da ƙasa ke iya ba rijiyar ke nan a awa a wannan matakin, kuma yana raguwa yayin da ruwan ke kusantar inda ya kwana. To idan mai ita ya sa injin da ke jan lita 2,000 a awa, cikin kusan awa guda zai ji injin yana shaƙar iska. Zai ce rijiya ta ƙafe, alhali da safe ruwan yana nan a mita 10. Wannan ba ta buƙatar haƙa. A rage ƙarfin ja, a riƙa ɗiba safe da yamma ana tarawa a tanki. Ya fi arha nesa ba kusa ba.

Idan kuwa matakin safe bai canja ba amma dawowar ta yi sanyi fiye da yadda aka saba, ka duba awon gindi. Rijiyar da aka haƙa mita 12 yanzu tana nuna 11, laka da rairayi sun cike ta sun toshe inda ruwa ke shigowa. Yasa take so. Wanda zai shiga a ɗaure shi da igiya, mutane na sama, kuma kada a kuskura a kunna injin mai a cikin rami ko a bakinsa, hayaƙinsa yana kisa.

Idan matakin safe ne da kansa ke sauka mako bayan mako, to ruwan ƙasar ne ke ja baya. Saukar rani ce ta kowace shekara idan damina tana mayar da shi inda yake. Wannan takan sami rijiyar da aka haƙa da damina, aka tsaya da zarar an ga ruwa. A wurina ba a gama rijiya sai a ƙarshen rani. In kuma kowace shekara yana tsayawa ƙasa da na bara, ana ɗiba fiye da abin da sama ke mayarwa. Ka lura kuma ko ruwanka na faɗuwa a sa'o'in da wata rijiyar burtsatse ta kusa ke aiki. Duk rijiyar da ake ja, matakin ruwa yana lotsawa kewaye da ita kamar mazurari, kuma idan lotsawar ta kai gindin taka, mai zurfin ce za ta ci.

Kafin ka ƙara zurfi, ka tambayi wanda ya haƙa me ya tarar a gindi. Nan ne na ƙone. Rijiyata ruwanta yana zaune ne a kan wani siririn yumɓu, ƙarƙashinsa kuma busasshen yashi ne, babban ruwan yana can ƙasa da nisa. Muka huda yumɓun, cikin kwana biyu ɗan ruwan ya zurare, muka tsaya muna kallon busasshen rami. Alamar irin wannan ita ce rijiyarka ta fi na kewaye gajarta sosai amma tana da ruwa, kuma tana saurin amsa ruwan sama. Idan ka ga haka, ko dai ka bar gindin yadda yake, ko ka shirya haƙa har zurfin da sauran rijiyoyin suka sami ruwa. Idan gindin yashi ne ko ruɓaɓɓen dutse mai ci gaba, ƙarin mita biyu zuwa uku a ƙarshen rani yakan wadatar, a sa zoben siminti kada gefe ya rufta. Idan kuwa diga ta fara tsalle a kan dutse mai rai marar tsaga, a tsaya nan.